Yadda ake gwada tambayoyin bincike a kan mutane kaɗan kafin a fita babban aiki

Mai shirya takardar tambayoyi yakan ɗauka cewa matsala tana wurin tambayar da mutane suka kasa amsawa. Wannan mai sauƙi ce, don tun ranar farko ma'aikatan fili za su dawo su ce ga tambayar da ta gagara. Wadda take ɓata bincike ita ce tambayar da kowa ya amsa ba tare da gargada ba, alhali kowa da abin da ya fahimta. Manomi a Taura ya ba da adadi, na Auyo ya ba da adadi, an shigar da su layi ɗaya an haɗa lissafi, ba wanda ya lura cewa ba abu ɗaya suka ƙirga ba. Hirar gwajin fahimta an yi ta ne don kama irin wannan tambayar tun ba a buga takarda dubu ba. Za ka zauna da mutane kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu tambayar yadda aka rubuta ta, sannan ka bi sawun yadda amsar ta fito daga ransu.

Tushen aikin wani tsari ne da masanin bincike Roger Tourangeau ya fitar a 1984. Ya ce mai amsa tambaya yana bin matakai huɗu: ya fahimci abin da ake nufi, ya tuno abin da ya faru, ya auna ko ya ƙiyasta, sannan ya zaɓi abin da zai furta. Tambaya tana iya karyewa a kowanne, kuma maganin kowanne daban. Idan a fahimta ta karye, kalma za a sauya. Idan a tunowa ne, sai a rage tsawon lokacin da ake tambaya a kai. Idan kuwa mutum ya fahimta, ya tuna, amma ya ƙi faɗin gaskiya saboda kunya ko sa rai da tallafi, sauya kalma ba zai yi komai ba, sai an sauya yadda ake gabatar da aikin da wurin da ake zama.

Zan bi tambaya ɗaya tun daga farko har ƙarshe a matsayin misali, irin wadda ake yawan gani a binciken noma a Jigawa:

"A cikin watanni 12 da suka wuce, nawa gidanku ya kashe wajen sayen taki?"

Rubuta abin da tambayar take nema

Kafin ka je ko'ina, zauna da wanda ya rubuta tambayar ka sa shi ya faɗi manufarta cikin jimla biyu, ka rubuta a ƙarƙashinta. A misalinmu, mu ɗauka ya ce: ana son jimlar kuɗin takin zamani da duk mutanen da suke ci daga tukunya ɗaya suka saya, na damina da na rani, ko an biya nan take ko bashi ne. Wannan rubutun shi ne ma'auninka. In babu shi, za ka dawo da labarai masu daɗi amma ba za ka iya cewa amsar wane ta dace ko ta kauce ba. Sau da yawa a nan ne ma ake fara gano ɓaraka, idan mutum biyu da suka rubuta takardar tare suka saɓa kan ko takin gargajiya yana ciki.

Kada ka ce za ka gwada takardar gaba ɗaya. Hira ɗaya kada ta wuce awa guda, kuma a cikin awa ba za ka iya tona fiye da tambayoyi 10 zuwa 15 da kyau ba. Zaɓi sababbin tambayoyi, da waɗanda aka fassaro daga Turanci, da masu neman adadi ko kuɗi, da masu taɓa abin kunya. A ƙarƙashin kowacce rubuta tambayoyin bin diddigi biyu ko uku da kake ganin za su fito da matsalar da kake zargi, ka bar fili babba na rubutu.

Wa za ka zauna da shi

Mutum 8 zuwa 10 sun isa zagaye ɗaya, amma kai za ka zaɓe su da gangan, ba a jefa ƙuri'a. Abin da kake nema shi ne mutanen da rayuwarsu za ta matsa wa tambayar ta fuskoki daban. Ga tambayar taki, kana buƙatar dattijo mai babban gandu da 'ya'yansa magidanta suke noma tare da shi, da ɗaya daga irin waɗannan 'ya'yan mai gayaunarsa, da mai noman damina kaɗai, da mai shinkafa ko alkama a fadamar Haɗeja, da matar da mijinta ya tafi ci-rani, da matar da mijinta ya rasu take riƙe da gona. Yawancinsu su kasance ba su yi boko ba, in dai haka yawancin mutanen babban binciken suke.

Dole ka bi ta hannun dagaci ko mai unguwa, wannan ba a tsallake shi. Amma idan ka ce masa kawai ya samo maka manoma, zai kawo maka malamin firamare da shugaban ƙungiyar manoma da wanda ya saba zama da baƙi, kuma da kyakkyawar niyya zai yi haka, don yana son garinsa ya fita kunya. Waɗannan su ne mutanen da za su gyara maka tambayar a ransu su ba ka amsar da kake so, ka tafi kana ganin komai lafiya. Don haka ka bayyana masa siffar kowane mutum da kake nema, ɗaya ɗaya. Sannan ka yi gwajin a ƙauyen da ba ya cikin waɗanda za a yi babban aikin, amma mai kama da su a noma da harshe.

Mata, mace ce za ta shiga ta yi musu hirar, a cikin gida, bayan an nemi izinin maigida. A kauce wa ranar kasuwa da hantsin damina lokacin da kowa yake gona.

Buɗe hirar

Mutum biyu ne suke zuwa: mai tambaya da mai rubutu. Wurin zama shi ne abin da ya fi ba da wahala a ƙauye, domin da an shimfiɗa tabarma a zaure jama'a za su taru, kuma wani a gefe zai riƙa amsawa a madadin mai amsa. Hirar da aka yi a gaban mutum biyar ba ta gwada fahimtar kowa ba. Ka roƙi mai unguwa tun farko ya samar da wuri, ka bayyana cewa kowa shi kaɗai ake ji.

Bayan gaisuwa, ka faɗi abu uku a fili. Na farko, ba shi ake jarrabawa ba, tambayoyin ake jarrabawa, kuma duk inda ya ce bai gane ba taimako ya yi. Na biyu, babu rabon taki ko bashi ko wani tallafi da ke biyo bayan wannan zama, kuma ba za a rubuta sunansa a jikin amsoshin ba. Na uku, yana da damar ƙin amsa kowace tambaya ko ya tashi lokacin da ya so. Idan za ka naɗi murya, nemi yardarsa daban, in ya ƙi a yi da alƙalami. Maganar tallafi kada ka wuce ta da sauri. Manomin da yake zaton za a raba taki gwargwadon abin da ya faɗa yana da dalilin ƙara adadi, wanda yake zaton talakawa za a zaɓa yana da dalilin ragewa.

Akwai hanya biyu ta jin abin da ke ran mai amsa. Ɗaya ita ce ka roƙe shi ya riƙa faɗin tunaninsa a bayyane yayin da yake neman amsa. Ana koya masa da abu mai sauƙi: "Baba, ɗakuna nawa ne a gidan nan? Ka ƙirga da ƙarfi in ji yadda kake bi." Wasu suna iyawa, amma da yawa suna jin nauyin yin surutu su kaɗai a gaban baƙo, sai su yi shiru su ba da amsa a taƙaice. Ni na fi dogara da hanya ta biyu, wato ka karanta tambayar, ya amsa, nan take ka biyo da tambayoyin bin diddigi tun tunanin bai gushe ba.

Yadda hirar take tafiya

Karanta tambayar kalma da kalma kamar yadda take a takarda. Wannan ya fi komai wuya ga mai tambaya mai kirki, domin da ya ga dattijo ya yi jim sai bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi ya ce "wato takin zamani nake nufi". Da ya faɗi haka, ya binne matsalar da aka zo nema. Idan mai amsa ya ce me kake nufi, ka mayar masa: kai yaya ka fahimce ta?

Mu ɗauka ana zaune da dattijon mai gandu. An karanta masa tambayar, bai yi wata-wata ba ya faɗi kuɗin buhu biyu. Mai rubutu ya rubuta adadin. A babban bincike nan za a wuce gaba. A nan kuwa yanzu aka fara.

"Baba, da za ka maimaita mini tambayar nan da bakinka, me na tambaye ka?"

"Ka ce nawa na sayi taki bana."

"Yaya ka yi ka samo wannan kuɗin da ka faɗa?"

"Kamfa buhu ɗaya, yuriya buhu ɗaya. Su na zuba wa dawa da gero."

"Da na ce gidanku, su wa ka sa a ciki?"

"Gonar gandu mana, ɗana. Ita ce ta gida."

"Akwai wani a gidan da ya sayi taki ban da wannan?"

"To, yaran nan kowa da gayaunarsa. Babban ya sa wa riɗinsa, amma wannan aljihunsa ne, ban san nawa ba."

"Watanni 12 ɗin nan, daga yaushe zuwa yaushe ka ɗauka?"

"Daga faɗuwar ruwa zuwa kaka."

Dubi abin da tambayoyi biyar suka fito da shi. "Watanni 12" ya zama damina ɗaya. "Gidanku" ya zama gonar gandu, kuɗin 'ya'yan ya fita daga lissafi, kuma ko da ya so sa shi bai san adadin ba. Amsar ta zo da sauri da tabbaci, amma ba ta kai abin da aka rubuta a manufar tambayar ba.

Lura kuma da siffar tambayoyin bin diddigin. Babu wadda za a amsa da e ko a'a kawai a tsira, in ban da ta huɗu, ita ma an yi ta ne don buɗe ƙofa. Kada ka taɓa tambayar mutum "ka gane?", domin ladabi zai sa ya ce ya gane. Kada ka ce "ai ka haɗa da na rani ko?", domin ka riga ka sa masa amsa a baki. Kuma ka koyi yin shiru. Idan ya yi jim, ko ya yi dariya, ko ya fara faɗin adadi ya janye, ka bar shi ya gama sannan ka ce: "Na ga ka ɗan tsaya, me ka tuna?" Irin wannan tambayar da ba a shirya ta a ofis ba takan fi waɗanda aka rubuta amfani.

Da mai noman rani, matsalar wata ce daban. Shi ya haɗa damina da rani, amma ya cire buhu biyu da ya karɓa wurin dillali bashi, don a ganinsa bai kashe kuɗin ba tukuna, sai ya sayar da shinkafa zai biya. Ƙaramin manomi kuma bai taɓa sayen buhu mai kilo 50 ba, da tiya yake saye, yau biyu, wani mako uku, duk lokacin da kuɗi ya shigo. Da aka ce masa "Malam, wannan adadin tuna shi ka yi ko ƙiyasi ne?" sai ya ce ƙiyasi ne, wa zai riƙe wannan. Wani kuwa ya haɗa da kuɗin amalanken da ya kai masa takin dabbobi gona, tunda tambayar taki kawai ta ce.

A cikin gida, mai tambaya ta karanta wa matar da mijinta yake ci-rani. Ta ba da adadi ita ma.

"Inna, ke kika sayo ko gaya miki aka yi?"

"A'a 'yata, ƙanensa ne yake sayowa. Na dai ga an shigo da buhu."

"To kuɗin da kika faɗa fa?"

"Haka na ji ana cewa yake a kasuwa. Kin tambaya, ai ba na bar ki haka ba."

Wannan jimlar ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau. Mutane ba sa son baƙo ya tashi hannu rabbana, don haka sukan ba da adadi ko ba su sani ba. Matsalar a nan ba ta kalma ba ce. Tambayar ta je wurin wanda ba shi da labarin, kuma takardar ba ta tanadi hanyar da za a ce a kira wanda ya sani ba.

Haɗa abin da aka ji

A ranar da aka yi hira a ranar ake rubuta ta, mai tambaya da mai rubutu tare, kafin hirarraki su cakuɗe a ka. Ga kowace tambaya a rubuta amsar da aka fara bayarwa, da abin da mutumin ya fahimta cikin kalmominsa, da ko ya dace da manufar, da matakin da aka samu tangarɗa. A ware abin da ya faɗa da abin da kai ka fassara. "Ya ce daga faɗuwar ruwa zuwa kaka" shaida ce. "Bai gane lokacin ba" ra'ayinka ne.

Idan zagayen ya cika, ka ja jadawali: tambayoyi a jere zuwa ƙasa, masu amsa a jere zuwa gefe. Sai ka karanta tambaya ɗaya a bakin mutum goma, maimakon mutum ɗaya a kan tambaya goma. A nan ne za ka ga cewa duk masu gandu sun bar gayauna, duk masu saye da tiya ƙiyasi suka yi.

Kada ka mayar da wannan ƙididdiga. Idan mutum 3 cikin 10 sun cire bashi, ba ka da hurumin cewa kashi 30 cikin ɗari na manoma za su yi haka, tunda kai ka zaɓo su da hannu. Haka kuma matsalar da mutum ɗaya kaɗai ya nuna ba a watsar da ita don shi kaɗai ne. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wannan daga halinsa ne shi kaɗai, ko daga yanayin da mutane da yawa suke ciki? Mai karɓar taki bashi ɗaya ne a gwajinka, amma a yankin noman rani irinsa ba su da iyaka.

Gyara, sannan a sake gwadawa

Abin da aka ji ya nuna cewa tambayar ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta, sai a sauke mata. A fara tantance su wa ake nufi da gida tun a farkon takarda, a rubuta sunayensu, a kuma tambayi wa yake kula da kowace gona. Sannan a bi gona ɗaya ɗaya da mai kula da ita:

"A daminar da ta wuce, an sa takin zamani, kamar kamfa ko yuriya, a wannan gonar?"

"Nawa aka sa? Faɗi da buhu ko da tiya, yadda ka saya."

"Nawa ne kuɗin buhu ɗaya ko tiya ɗaya lokacin da aka saya, ko an biya nan take ko bashi ne?"

Sai a maimaita su ga noman rani. Yanzu lissafin jimla ya koma kan mai bincike, manomi abin da ya sani kawai yake faɗi. A ƙara gurbin "ban sani ba" da umarnin a nemi wanda ya sayo. Takin da aka samu kyauta ko na rabon gwamnati a ba shi tambayarsa daban. Tunda an bar mutane su amsa da tiya, wani daga cikinku ya je kasuwar yankin da sikeli ya auna nauyin tiyar kowane irin taki, don a iya mayar da amsoshin kilo.

Gyaran nan yana da tsada, domin tambaya ɗaya ta zama shida ga kowace gona, kuma gida mai gona biyar zai daɗe a zaune. Wannan shawara ce da za a yanke da masu binciken. Idan kuɗin taki shi ne zuciyar aikin, a biya wannan tsadar. Idan tambaya ce ta gefe, ya fi kyau a taƙaita manufar zuwa gonar gandu a damina ɗaya, a rubuta haka a rahoto, da a riƙe tambaya mai faɗi wadda amsarta ba ta da ma'ana ɗaya.

Sabuwar tambaya ba a amince da ita sai ta shiga zagaye na biyu, da sababbin mutane, domin na farko sun riga sun san abin da kake nema. Gyara yakan haifi tasa matsalar. "Daminar da ta wuce" ba ta da ruɗani a watan Janairu, amma idan babban aikin zai faɗo a Agusta ana tsakiyar ruwa, wani zai ɗauki ta bana da ake ciki, wani ta bara. Sai a ce "daminar bara, wadda aka riga aka girbe". Haka "masu ci daga tukunya ɗaya", da ake yawan bayyana gida da shi, yana iya tangarɗa a gidan da ake haɗa girki da damina lokacin aikin gandu, a raba tukwane da rani. Idan ka ji haka a zagaye na biyu, dole takardar ta faɗi lokacin da za a duba. Yawanci zagaye biyu ko uku ake yi, a tsaya idan sababbin hirarraki sun daina fito da sabuwar matsala mai nauyi.

Idan akwai rugagen Fulani ko garuruwan Mangawa a cikin yankin binciken, kuma za a yi musu tambayoyin da harshensu, kowace fassara sai an yi mata nata gwajin, da mai tambaya da yake jin harshen sosai.

Hirar gwajin fahimta ba za ta gaya maka tsawon lokacin da takardar za ta ci ba, ko na'urar shigar da amsoshi tana tsallake tambayoyin da ba su shafi mai amsa ba yadda ya kamata, ko ma'aikata za su iya gida nawa a yini. Waɗannan aikin gwajin fili ne, inda ake cike takardar gaba ɗaya a gidaje da dama kamar ranar aiki ta gaske, ba tare da bin diddigi ba. Shi yana zuwa ne bayan an gama gyaran kalmomi. A jadawalin aiki ka ware wa hirarrakin da gyare-gyarensu mako biyu zuwa uku kafin ranar horar da ma'aikata, kuma jadawalin nan na abin da mutane suka fahimta ka kai shi ɗakin horon, a karanta wa ma'aikata maganar dattijon mai gandu da ta matar mai miji a ci-rani, don su san dalilin da ya sa aka hana su sauya kalma ko ɗaya a cikin tambayar.